Yadda ake raɗa wa sinadaran kabon suna: dangin alkan, alkin da alkohol

A fannin kimiyyar sinadaran kabon, wanda ɗaliban sakandare ke fara karantawa a manyan azuzuwa, sunan sinadari bayani ne na yadda aka gina shi. Wanda ya san ƙa'ida, da ya ga sunan zai iya zana sinadarin, da ya ga zanen kuma zai iya rubuta sunan. Ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ce ke kula da waɗannan ƙa'idoji, amma tushensu ya faro ne daga taron da masana suka yi a birnin Janiba a 1892. Da wannan tsari ake amsa tambayoyin jinga da na jarrabawar WAEC da NECO, shi ne kuma ake ci gaba da shi a shekarar farko ta jami'a.

Dalilin da ya sa aka buƙaci ƙa'ida shi ne, atam ɗin kabon yana ƙulla ɗauri huɗu, kuma yana iya haɗuwa da 'yan'uwansa su yi sarƙa miƙaƙƙiya ko mai rassa. Saboda haka adadin atam iri ɗaya kan ba da sinadarai daban-daban. C4H10 yana ba da sinadarai 2, C5H12 yana ba da 3, C6H14 yana ba da 5, C10H22 kuwa har 75. Tsofaffin sunayen da ake ji a kasuwa da masana'anta kamar laƙabi suke, ana gane mai su amma ba sa faɗin asalinsa, sunan IUPAC kuwa shi ne sunan yanka haɗe da na uba. A kowace tambaya hukunci uku ɗalibi ke yankewa: wace sarƙa ce uwa, daga wane ɓangare za a fara ƙirga, sannan yaya za a jera gaɓoɓin sunan.

Sassan suna

Kowane suna yana da sassa uku. A tsakiya akwai saiwa, wadda ke faɗin adadin kabon da ke cikin uwar sarƙa. Saiwoyi goma na farko, daga kabon ɗaya zuwa goma, su ne meth, eth, prop, but, pent, hex, hept, oct, non da dec. Huɗun farko sun fito ne daga tsofaffin sunaye, don haka haddace su ake yi. Daga ta biyar zuwa sama ƙidaya ce ta Girkanci da Latin.

A ƙarshen suna akwai ɗafa-ƙeya, wanda ke nuna dangi. Idan duk ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon ɗaɗɗaya ne, sinadarin ɗan dangin alkan ne, sunansa yana ƙarewa da -ane. Idan akwai tagwayen ɗauri, wato C=C, ɗan dangin alkin ne, sunan yana ƙarewa da -ene. Idan akwai rukunin OH a jikin sarƙar, alkohol ne, wanda littattafan sakandare na Nijeriya suka fi kira alkanol, sunan kuma yana ƙarewa da -ol. A farkon suna kuma akwai ɗafa-goshi, wanda ke lissafa rassan da ke rataye a jikin uwar sarƙa. Reshe mai kabon ɗaya, CH3, shi ne methyl. Mai kabon biyu, C2H5, shi ne ethyl, mai uku kuma propyl.

Iskar gas ta girki misali ce ta kusa: galibinta propane ne da butane, wato alkan mai kabon uku da mai kabon huɗu. Sarƙar da ba ta da reshe ba ta da wahalar suna. Aikin yana farawa ne idan rassa suka shigo.

Dangin alkan: neman uwar sarƙa

Uwar sarƙa ita ce hanya mafi tsawo da za a bi daga kabon zuwa kabon ba tare da an ɗaga biro ko an koma baya ba. Ba dole ba ne ta zama wadda aka rubuta a kwance a kan layi, kuma a nan ne jinga ta fi kayar da ɗalibai. Ga misali:

```
CH3-CH(C2H5)-CH2-CH3
```

Ido yana ganin kabon huɗu a jere da reshen ethyl a kan na biyu, sai hannu ya rubuta 2-ethylbutane. Wannan kuskure ne. Abin da ke cikin baka, C2H5, kabon biyu ne a dunƙule. Idan aka warware shi aka fara ƙirga daga ƙarshensa, za a bi kabon biyu nasa, a shiga CH, a wuce ta CH2 zuwa CH3 na ƙarshe, a sami kabon biyar. Wanda ya rage a gefe shi ne CH3 na farko, kuma yana kan kabon na uku. Sunan gaskiya shi ne 3-methylpentane.

Daga nan ake samun wata alama mai sauƙin dubawa. A alkan mai buɗaɗɗiyar sarƙa, methyl ba ya zama a kan kabon na ɗaya, domin da yana can da ya ƙara wa sarƙar tsawo ne kawai. Haka nan ethyl ba ya zama a kan kabon na biyu. Duk amsar alkan da ta fara da 1-methyl ko 2-ethyl tana nuna cewa ba a kama sarƙa mafi tsawo ba, sai a koma a sake nema.

Wani lokaci sarƙa biyu kan yi kunnen doki a tsawo. A nan ana zaɓar wadda ta fi yawan rassa. A sinadarin (CH3)2CH-CH(C2H5)2 akwai hanyoyi biyu masu kabon biyar-biyar. Ɗaya tana bi ta ethyl ɗin nan biyu, ta bar babban reshe guda a gefe. Ɗayar tana farawa daga CH3, ta bar ƙananan rassa biyu, methyl da ethyl. Ta biyun ake ɗauka, sunan kuma shi ne 3-ethyl-2-methylpentane.

Ba wa kabon lamba

Bayan an sami uwar sarƙa, sai a ba kowane kabon lamba, daga ƙarshen da zai ba rassa lambobi mafi ƙanƙanta. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a rubuta jerin lambobin daga hagu, a rubuta daga dama, sannan a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wurin da suka fara bambanta, jerin da ke da ƙaramar lamba shi ya yi nasara.

Sinadarin da ake auna nagartar man fetur da shi, wanda aka ba maki 100 a ma'aunin oktan, misali ne mai kyau:

```
CH3-C(CH3)2-CH2-CH(CH3)-CH3
```

Uwar sarƙa kabon biyar ce, rassan methyl kuma uku. Daga hagu lambobinsu 2,2,4, daga dama kuma 2,4,4. Lamba ta farko iri ɗaya ce a jerin biyu. A ta biyu aka bambanta, kuma 2 ta fi 4 ƙanƙanta, saboda haka sunan shi ne 2,2,4-trimethylpentane. Kowane reshe yana da lambarsa, ko da biyu suna kan kabon ɗaya, shi ya sa aka maimaita 2. Adadin lambobin dole ya yi daidai da kalmar ƙidaya da ke biye: di lamba biyu, tri lamba uku, tetra lamba huɗu. Wanda ya rubuta 2,4-trimethylpentane ya ce rassa uku ne amma ya nuna mazaunin biyu kawai.

Ɗalibai da yawa suna tara lambobin su zaɓi ƙaramin jimla. Wannan dabara tana dacewa a yawancin ƙananan sinadarai, amma ba ita ce ƙa'ida ba, kuma akwai inda take karyewa. A sarƙa mai kabon goma da methyl uku, ƙirga daga wani gefe na iya ba da 2,7,8, daga ɗaya gefen kuma 3,4,9. Jimlar jeri na farko 17 ce, ta na biyu 16. Mai tarawa zai zaɓi na biyu, alhali sunan da ke daidai shi ne 2,7,8-trimethyldecane, domin tun a lamba ta farko 2 ta riga 3.

Idan jerin biyu suka zo daidai da juna, reshen da ya riga a jerin harufan abacada shi ake ba ƙaramar lamba. Sarƙa mai kabon shida da ethyl da methyl a tsakiyarta tana ba da 3,4 ta kowane gefe, don haka sunanta 3-ethyl-4-methylhexane.

Jera sunan a rubuce

Ana jera rassa bisa harafin farko na sunansu, ko da lambar na farkon ta fi girma. Harafin e yana gaban m, don haka ethyl yana gaban methyl. Kalmomin ƙidaya, di da tri da tetra, ba a kallonsu a wannan jeri. A 4-ethyl-2,2-dimethylhexane, ana duba dimethyl a matsayin mai farawa da m, shi ya sa ethyl ya riga shi duk da cewa d tana gaban e.

Alamomin rubutu ma suna cikin amsa. Waƙafi yana shiga tsakanin lamba da lamba, karan ɗori yana shiga tsakanin lamba da harafi, kuma ba a barin fili a ko'ina. Reshe na ƙarshe yana manne da saiwa su zama kalma ɗaya, kamar methylpentane.

Dangin alkin: tagwayen ɗauri ne ke gaba

Mafi ƙanƙanta a wannan dangi shi ne ethene, CH2=CH2, iskar da 'ya'yan itatuwa irin su ayaba ke fitarwa lokacin nuna, wadda kuma daga ita masana'antu ke yin leda. Shi da propene ba sa buƙatar lamba, domin wuri ɗaya kawai tagwayen ɗaurin zai iya zama. Daga kabon huɗu ne ake fara nuna wuri. CH2=CH-CH2-CH3 shi ne but-1-ene, CH3-CH=CH-CH3 kuma but-2-ene. Tagwayen ɗauri yana tsakanin kabon biyu ne, amma lambar ƙaramin cikinsu kaɗai ake rubutawa.

Canji na farko daga dangin alkan yana wajen ƙirga. Yanzu tagwayen ɗauri ne ke karɓar ƙaramar lamba, rassa kuma su ɗauki abin da ya faɗo musu.

```
CH3-CH(CH3)-CH=CH-CH3
```

Wanda ya saba da alkan zai fara daga hagu don methyl ya sami 2, ya rubuta 2-methylpent-3-ene. Amma daga dama tagwayen ɗaurin yana farawa a kabon na biyu, methyl kuma ya faɗa kan na huɗu. Sunan shi ne 4-methylpent-2-ene. Rassa suna yanke hukunci ne kawai idan tagwayen ɗaurin ya sami lamba iri ɗaya ta kowane gefe, kamar a CH3-C(CH3)=CH-CH3, inda yake kan 2 ta hagu da ta dama. A nan sai a ba methyl ƙaramar lamba, a sami 2-methylbut-2-ene.

Canji na biyu yana wajen zaɓen uwar sarƙa. A tsarin da ake koyarwa a makarantu, dole sarƙar ta ƙunshi kabon biyun da ke riƙe da tagwayen ɗauri, ko da akwai wata da ta fi ta tsawo. A CH2=C(C2H5)-CH2-CH2-CH3 akwai hanya mai kabon shida, amma ta kauce wa CH2 na farko. Wadda ta ƙunshi C=C kabon biyar ce, don haka ake rubuta 2-ethylpent-1-ene. Wannan ya nuna cewa hanin 2-ethyl na dangin alkan ne kawai. Ƙa'idojin da IUPAC ta fitar a 2013 sun fifita tsawon sarƙa a irin wannan yanayi, amma littattafan masu farawa da yawa suna kan tsohon tsari, kuma a jinga littafin aji ake bi.

Idan tagwayen ɗauri biyu ne, ɗafa-ƙeya yana zama -diene, a kuma ƙara harafin a bayan saiwa, kamar buta-1,3-diene na CH2=CH-CH=CH2. Sannan tun da tagwayen ɗauri ba ya juyawa, but-2-ene yana da siffa biyu. Idan methyl ɗin biyu suna gefe ɗaya, cis-but-2-ene ne, idan suna gefe daban-daban kuma trans-but-2-ene. Ana saka wannan ne idan zanen tambayar ya nuna gefen da kowane rukuni yake. But-1-ene ba shi da wannan bambanci, domin kabon ɗinsa na farko yana ɗauke da haidirojin biyu iri ɗaya.

A tsofaffin littattafai ana ganin 2-butene maimakon but-2-ene. Sinadari ɗaya ne. Tun daga shawarwarin IUPAC na 1993 ake saka lamba dab da ɗafa-ƙeyan da take nunawa, kuma wannan salo ya fi hana ruɗani idan suna ya yi tsawo.

Dangin alkohol: OH ya fi kowa

Sunan alkohol yana fitowa daga sunan alkan mai adadin kabon iri ɗaya. Ana cire e ta ƙarshe, a saka -ol. Daga methane ake samun methanol, guba mai makantar da mutum ko ta kashe shi, daga ethane kuma ethanol, wanda ake sakawa a man tsaftace hannu. Daga kabon uku ake fara buƙatar lamba. Idan OH yana ƙarshen sarƙa, propan-1-ol ne, idan yana tsakiya kuma propan-2-ol, wanda ake goge fata da shi kafin allura. Gaɓar an ba ta faɗuwa, don haka prop-2-ol ba suna ba ne.

Dole uwar sarƙa ta ƙunshi kabon da OH ke kansa, kuma shi ne ke karɓar ƙaramar lamba. A CH3-CH(OH)-CH2-CH(CH3)-CH3, ƙirga daga hagu yana ba OH lamba 2, methyl kuma 4. Daga dama methyl ne zai sami 2, OH ya koma 4. Na hagu ake ɗauka, sunan ya zama 4-methylpentan-2-ol. Oksijin ba ya shiga lissafin sarƙa, lambar ta kabon da ke riƙe da shi ce.

Idan OH biyu ne ko uku, ana amfani da -diol da -triol, kuma a nan e ɗin ba ta faɗuwa, domin abin da ke biye da ita baƙi ne. Ana cire ta ne kawai a gaban wasali. Ethane-1,2-diol, wanda ake zubawa a ruwan sanyaya injin mota, da propane-1,2,3-triol, wato gilisarin na man shafawa, duk sun riƙe e ɗinsu.

Tambayar jinga takan haɗa suna da rabe-raben alkohol, kuma a nan ana yawan cakuɗa lamba da mataki. Matakin alkohol yana bin adadin kabon da ke manne da kabon mai OH: ɗaya mataki na farko, biyu mataki na biyu, uku mataki na uku. A 2-methylpropan-2-ol, OH yana kan kabon mai lamba 2, amma kabon uku ne ke kewaye da shi, don haka ɗan mataki na uku ne. Pentan-3-ol kuwa, duk da lambarsa 3, ɗan mataki na biyu ne.

Idan OH da tagwayen ɗauri suka haɗu a sinadari ɗaya, OH ne ke karɓar ƙaramar lamba. Tsarin fifiko wajen ƙirga shi ne OH, sai tagwayen ɗauri, sai rassa. CH2=CH-CH2-OH ana ƙirga shi daga gefen OH, sunansa prop-2-en-1-ol.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

```
CH3-CH(OH)-CH(C2H5)-CH=C(CH3)-CH3
```

Da farko a gane dangi. Akwai OH, don haka sunan zai ƙare da -ol, akwai kuma C=C da za a nuna da en. Sai uwar sarƙa. Daga CH3 na hagu, ta kabon mai OH, idan aka bi ta ethyl kabon biyar ake samu, kuma an bar tagwayen ɗauri a baya. Idan aka miƙe ta C=C ana samun shida. Saiwar ita ce hex.

Wajen ƙirga, OH yana kan 2 daga hagu, yana kan 5 daga dama, saboda haka daga hagu ake farawa. Ethyl ya faɗa kan 3, tagwayen ɗauri yana tsakanin 4 da 5 don haka lambarsa 4, methyl kuma yana kan 5. Ethyl yana gaban methyl a jerin harufa. Idan aka haɗa gaɓoɓin, sunan shi ne 3-ethyl-5-methylhex-4-en-2-ol.

Yadda ake tantance amsa

Hanyar da ta fi kama kuskure ita ce a rufe tambayar, a zana sinadarin daga sunan da aka rubuta, sannan a gwada zanen da na asali. A misalin da ya gabata, hex kabon shida ne, ethyl biyu, methyl ɗaya, jimla tara, kuma kabon tara ne a tambayar. Bayan haka a duba kowane kabon a tabbatar ɗaurinsa huɗu ne cif. Suna kamar 2,2-dimethylbut-2-ene yana faɗuwa a wannan gwaji, domin kabon na biyu zai riƙe methyl biyu, da kabon na farko, da tagwayen ɗauri, ɗauri biyar ke nan, kuma babu irin wannan sinadari.

Lissafin haidirojin gwaji ne na biyu. Alkan mai buɗaɗɗiyar sarƙa yana bin CnH2n+2, alkin mai tagwayen ɗauri guda yana bin CnH2n, alkohol mai OH guda da ba shi da tagwayen ɗauri kuma CnH2n+1OH. Kowane tagwayen ɗauri yana rage haidirojin biyu. Alkohol mai kabon tara zai sami haidirojin 20 idan an haɗa da na OH, amma na misalin yana da tagwayen ɗauri guda, don haka 18 ne, wato C9H18O, kuma ƙirga a zanen yana ba da 18.

Waɗannan gwaje-gwaje suna da iyaka. Suna mara kyau kamar 2-ethylbutane ko 2-methylpent-3-ene yana ba da zanen da ya yi daidai da tambaya, kabon da haidirojin duk sun cika, domin kuskuren yana cikin zaɓen sarƙa ko gefen ƙirga. Maganinsa shi ne a sake raɗa wa sabon zanen suna daga tushe, a bi kowace hanya har ƙarshenta, a kuma rubuta lambobin gefe biyu kafin a zaɓa. Idan sunan da ya fito a karo na biyu ya zo daidai da na farko, harafi da lamba, amsar ta bi ƙa'ida.